Gidan jingina idan bashi ya gagara: abin da mai bin bashi ke da ikon yi da inda ikonsa ya tsaya

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan ka ba da gidanka jingina ka karɓi rance, sannan ka kasa biya, to gidan ya zama na banki. A yawancin dokokin duniya ba haka abin yake ba. Kuɗinsa kawai mai bin bashi yake bi, gidan kuwa madogara ce da zai fanshe kuɗin da ita idan biya ya gagara. Wannan bambanci yana kama da ƙarami a baki, amma a kansa aka gina kusan duk ƙa'idojin da ke tafiyar da rikicin jingina, kuma shi ke nuna wanda zai ɗauki rara da wanda zai ɗauki asara ranar da aka sayar da gidan.

Zan fi dogara da dokar Ingila wajen bayanin, domin daga can ne ƙasashe masu yawa da suka gaji tsarin shari'arta suka samo nasu ƙa'idojin jingina, ko da kowace ta yi wa nata kwaskwarima.

A zamanin da can, jingina a Ingila tana da tsanani ƙwarai. Mai karɓar rance yakan miƙa mallakar filinsa gaba ɗaya ga mai ba da rance, da sharaɗin za a mayar masa idan ya biya a rana kaza. Idan ranar ta wuce ko da kwana ɗaya ne, filin ya tafi, kuma abin takaici, bashin yana nan a wuyansa. Kotunan doka na lokacin suna bin abin da aka rubuta ne sak. Kotun Cansala, wadda aikinta shi ne duba adalci a inda tsananin doka ya haifar da zalunci, ita ce ta shiga tsakani a ƙarni na 17. Ta ce tunda manufar yarjejeniyar ita ce a tabbatar wa mai rance kuɗinsa, to duk lokacin da mai fili ya kawo uwar kuɗi da ruwa da abin da aka kashe, dole a mayar masa da filinsa, ko da wa'adin ya daɗe da wucewa. Wannan shi ne haƙƙin fansa. Kotunan suka kuma hana duk wani sharaɗi da aka cusa a takardar jingina don a toshe wannan haƙƙi, misali a ce mai rance yana da zaɓin saye gidan idan ya ga dama. Abin da aka ƙulla a matsayin jingina, jingina zai ci gaba da zama.

Wanda ya karanci fiƙihu zai ji maganar ba baƙuwa ba ce. A babin jingina akwai hadisin da ya zo a Muwaɗɗa mai cewa ba a kulle jingina, kuma Imam Malik ya fassara shi da ainihin wannan sura: mutum ya ce wa mai binsa, idan ban kawo maka haƙƙinka zuwa lokaci kaza ba, abin jinginar ya zama naka. Sharaɗin ɓatacce ne. Tsare-tsaren biyu sun sha bamban a kan kuɗin ruwa, amma a wannan gaɓa sun haɗu.

To, idan kotu ta ce mai gida zai iya fansa ko yaushe, shi mai bin bashi zai zauna yana jira har abada ke nan? Daga wannan tambaya ne hanyoyin da doka ta ba shi suka fito.

Ta farko a tarihi ita ce rufe ƙofar fansa. Mai bin bashi yana zuwa kotu ya ce a ba wa mai gida wa'adi na ƙarshe. Kotu ta sa a lissafa abin da ake bi, ta ba da lokaci, galibi wata shida. Idan ba a biya ba, sai ta tabbatar da hukunci, gidan ya koma mallakar mai bin bashi kacokan, komai darajarsa. Wannan ita ce kaɗai hanyar da ta yi daidai da tunanin da mutane ke yi cewa banki ya cinye gida. Amma a Ingila ta kusa mutuwa. Kotu tana iya sake buɗe ƙofar bayan an rufe idan ta ga dalili, don haka mai bin bashi bai taɓa samun natsuwa da gidan ba. Sannan duk mai ruwa da tsaki yana iya roƙon a sayar maimakon a rufe, kuma idan gidan ya fi bashin daraja da wuya kotu ta ƙi. Ga kuma tarkon da ke jiran mai bin bashi: idan gidan bai kai bashin ba, ya koma yana ƙarar mai gida don cikon, to da hannunsa ya sake buɗe ƙofar fansar da ya sha wahalar rufewa.

Hanya ta biyu ita ce shiga gidan. A nan dokar Ingila tana da wani abu da ke ba mutane mamaki: asalin ƙa'idar ita ce mai bin bashi yana da ikon karɓe gidan tun ranar da aka sa hannu, ko mai gida bai yi laifin komai ba, sai fa idan takardar ta hana. Wani alƙali a wata shari'a ta 1957 ya ce yana iya shiga tun tawada ba ta bushe ba. Me ya sa ba sa yi? Domin doka ta ɗora wa wanda ya shiga nauyi mai tsanani. Zai ba da lissafin duk abin da ya karɓa daga gidan, da kuma abin da ya kamata ya karɓa ba don sakacinsa ba. A wata shari'a ta 1889, wani kamfanin giya ya karɓe mashayar da aka jinginar masa, ya ba da ita haya da sharaɗin mai hayar ba zai sayar da giyar kowa ba sai tasa. Wannan sharaɗi ya karya kuɗin hayar. Kotu ta ce a lissafa masa hayar da za a samu da ba a sa sharaɗin ba, a cire daga bashin. Ribar da ya ci ta bayan fage ba ta cikin abin da jingina ta ba shi.

Saboda haka a yau ba a shiga gida don a zauna ko a juya shi. Ana shiga ne don a fitar da mazauna a sayar da shi babu kowa a ciki, tunda gidan da ke da mutane a ciki ba ya daraja a kasuwa. Idan gidan zama ne, kuma mai bin bashi ya nemi kotu ta ba shi, wata doka ta 1970 ta ba kotu ikon jinkirta fitarwa muddin akwai alamar mai gida zai iya biyan abin da ya taru a kansa cikin lokacin da ya dace. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta ce wajen auna wannan lokaci, a fara da sauran shekarun da suka rage wa rancen gaba ɗaya. Wato wanda ya rage masa shekara 13, ana iya raba masa bashin da ya taru a kan shekarun 13, ya riƙa biya tare da na wata-wata.

Idan kuma ginin haya ne ko na kasuwanci, mai bin bashi yakan naɗa wakili mai karɓar kuɗin haya. Dabarar da ke ciki ita ce, mai bin bashi ne ya zaɓe shi, amma doka tana ɗaukarsa wakilin mai gida. Kuɗin haya na shiga asusun bashin, nauyin lissafi mai tsanani kuma bai hau kan mai bin bashi ba.

Duk waɗannan share fage ne. Inda ake fafatawa shi ne sayarwa, kuma a nan zan daɗe.

Dokar dukiya ta Ingila ta 1925 ta raba ikon sayarwa mataki biyu. A sashe na 101, ikon yana samuwa idan an yi jinginar da cikakkiyar takarda ta doka kuma lokacin biyan kuɗin ya yi. Shi ya sa a tsofaffin takardu za ka ga an rubuta cewa za a biya bashin duka bayan wata shida, alhali kowa ya san na shekara 25 ne: an sa ranar ne kawai don ikon ya samu da wuri. A sashe na 103 kuma aka faɗi lokacin da za a iya amfani da shi: idan an ba da takardar neman biya aka yi wata uku ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko an karya wani sharaɗi na daban, kamar barin inshorar gidan ta mutu. Ɗaya daga cikin ukun ya isa. Kuma takardun bankuna sukan rage waɗannan wa'adai, doka ta yarda da hakan.

Rabuwar matakan biyu ta fi shafar mai saye. Idan ikon bai samu ba tun farko, mai saye bai sami gidan ba. Idan kuwa ya samu, amma aka yi gaggawar amfani da shi, mai sayen da bai san da aibin ba ya tsira da gidansa, mai gida kuma sai dai ya nemi diyya wurin wanda ya sayar. Abin lura shi ne ba a bukatar hukuncin kotu kafin a sayar, kuma ba dole ne a yi gwanjo ba, ana iya cinikin kai tsaye. Haƙƙin fansa yana mutuwa ne tun ranar da aka ƙulla ciniki da mai saye, ba sai an miƙa takardun mallaka ba. Mutane da yawa sun zo da kuɗi a hannu bayan wannan rana suka tarar bakin alƙalami ya bushe.

Bari mu ɗauki misali, ba tare da ambaton irin kuɗin wata ƙasa ba. Wani mutum yana da gidan da aka ƙiyasta miliyan 100. Ya karɓi rancen miliyan 70 a banki ya jinginar da shi. Bayan shekara biyu ya sake karɓar miliyan 10 wurin wani mai ba da rance, a kan gidan dai. Na biyun ya san akwai na farko a gabansa, don haka abin da ya dogara da shi shi ne ragowar darajar gidan bayan banki ya ɗauki nasa. Kasuwancin mutumin ya karye, ya daina biya. A ranar da za a sayar, banki yana bin uwar kuɗi miliyan 64 da ruwan da ya taru miliyan 6, jimla 70. Na biyu yana bin 10. Kuɗin lauya da dillali da talla da gadi sun ci miliyan 3.

Kuɗin da aka samu ba na banki ba ne ya yi yadda ya so. Sashe na 105 ya ce amana ce a hannunsa, kuma ya tsara yadda za a raba: kuɗin da aka kashe wajen sayarwa, sai bashin wanda ya sayar, sai mai bi masa a layi, abin da ya rage kuma na mai gida ne.

Idan an sayar miliyan 95, a cire 3, banki ya ɗauki 70, na biyu ya ɗauki 10, mai gida ya tashi da 12. Ya rasa gida, amma ya fita ba bashi, da ɗan abin kama haya. Idan an sayar 80, bayan an cire 3 da 70 saura 7. Na biyu ya karɓi 7, ya ci gaba da bin mutumin 3, wannan karon ba tare da wata jingina ba, domin mai saye ya karɓi gidan a wanke. Idan kuwa an sayar 66, banki ya sami 63, yana bin cikon 7, na biyu bai ga ko sisi ba, mutumin ya rasa gida kuma yana ɗauke da bashin miliyan 17.

Yanzu a dubi lissafin da idon banki. Da a sayar 73 da a sayar 95, duk ɗaya ne a wurinsa, 70 ɗinsa zai ɗauka. Duk abin da ya haura 73 na wasu ne, kuma nemansa yana bukatar ƙarin wata biyu ko uku na talla da jira, alhali kullum gidan yana cin kuɗin gadi. Wanda ke riƙe da wuƙa da nama ba shi da wata riba a miliyan 22 na sama, waɗanda kuɗin ya shafa kuma ba su da ta cewa a cinikin. A ganina wannan ita ce zuciyar matsalar, kuma duk hukunce-hukuncen da ke kan sayar da jingina ƙoƙari ne na cike wannan giɓi ba tare da an ɗaure wa mai bin bashi hannu ba.

Yadda kotuna suka raba gardamar shi ne: lokaci nasa ne, amma farashi akwai alhaki. Mai bin bashi shi ke zaɓar ranar da zai sayar. Ba dole ya jira kasuwa ta farfaɗo ba, ba dole ya gyara gidan ko ya nemo izinin gini don darajarsa ta ƙaru ba. Yana iya fifita bukatarsa a kan ta mai gida. Amma da zarar ya yanke shawarar sayarwa, dole ya yi taka-tsantsan irin na mai hankali don samun farashin kasuwa na gaskiya a wannan rana.

Shari'ar da ta kafa wannan a zamanin nan ita ce ta kamfanin Cuckmere a 1971. Filin da aka jinginar yana da izini iri biyu daga hukumar tsara gari: na gina gidaje, da na gina rukunin benaye mai ɗauke da mazauni 100. Da masu bin bashi suka tashi gwanjo, tallar ta ambaci izinin gidajen kaɗai. Mai fili ya ja hankalinsu ya roƙi a ɗage gwanjon a gyara tallar, suka ƙi, sai dai aka ambaci izinin a wurin gwanjon, lokacin da masu gina benaye ba su ma san da zancen ba balle su zo. Aka sayar fam 44,000. Alƙalin farko ya ƙiyasta cewa da an yi abin da ya dace da an sami fam 65,000. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa an yi sakaci, ta sa a sake binciken yawan asarar. Babu wanda ya ce masu bin bashin sun yi zamba. Kafin wannan, an daɗe ana jayayya cewa kyakkyawar niyya kaɗai ta wadatar. Hukuncin ya ce ba ta wadatar ba.

To yaya ake gane an yi sakaci? Ƙarancin farashi shi kaɗai ba hujja ba ne. Masu ƙiyasta gidaje ma sukan saɓa wa juna, kuma kotu tana barin sarari ga irin wannan saɓani. Kayan da aka san na dole ne a sayar kuma, masu saye sukan taya shi a wulaƙance. Abin da kotu ke bi shi ne sawun cinikin. An nemi ƙwararre ya ƙiyasta gidan kafin a sa shi kasuwa, ko kuwa adadin bashin aka ɗauka aka mai da shi farashi? Kwana nawa aka yi ana talla, kuma a inda masu sayen irin wannan gini ke dubawa? An faɗi abin da ke ƙara masa daraja? An sami tayi mafi tsoka aka yi biris da shi? A misalinmu, idan gidan ya tafi a miliyan 73 daidai, bayan tallar kwana biyar, ga wanda ya fara tayawa, kowane lauya zai ɗaga gira, domin farashin ya yi kama da bashin fiye da yadda ya yi kama da gidan. Idan kotu ta gamsu cewa da an kula da an sami 90, za a yi wa banki lissafi kamar ya karɓi 90 ɗin. Cikon 17 zai fito daga aljihunsa: na biyu ya ɗauki 10, mai gida 7. Wannan alhaki yana kansa game da mai gida, da masu jingina na baya, da wanda ya tsaya wa mai gida lamuni. Amma nauyin kawo hujja yana kan mai ƙorafi, kuma wanda aka fitar daga gidansa jiya ba kasafai yake da kuɗin ɗaukar ƙwararru ba. A nan ne ƙa'idar ta fi kyau a takarda fiye da a aikace.

Akwai wuri ɗaya da nauyin hujja ke juyawa. Mai bin bashi ba ya sayar wa kansa, ko ta hannun wakilinsa, komai kyan farashin, domin mutum ba ya zama mai saye da mai sayarwa a ciniki ɗaya. Yana iya sayar wa kamfanin da yake da hannun jari a ciki, amma a nan shi zai nuna cewa ya yi duk abin da ya kamata. A wata shari'a da ta taso daga Hong Kong aka yanke a 1983, an yi gwanjon wani gini, matar mai bin bashi ce kaɗai ta taya a madadin kamfanin iyalinsu, kuma a kan farashin da mijin ya tsayar tun kafin gwanjon, ba tare da ya nemi shawarar wani ƙwararre ba. Kotu ta ce sunan gwanjo bai wanke cinikin ba. Sai dai ba ta rushe shi ba, saboda mai ginin ya yi shekaru yana jan ƙafa a shari'ar, diyya kawai aka ba shi. Jinkiri yana cin haƙƙi a wannan fage.

Ikon zaɓar lokaci ma yana da iyaka ta wata fuska da ba a cika tunani ba, wato idan mai bin bashi ne ya ƙi sayarwa. A wata shari'a da aka yanke a farkon shekarun 1990, lokacin da farashin gidaje ya faɗi a Ingila, wasu ma'aurata sun sami mai sayen gidansu a fam 283,000, bashin kuwa ya kai kusan fam 358,000. Kamfanin da ke bin su ya ƙi amincewa. Yana so ya karɓi gidan ya ba da haya har kasuwa ta tashi. Amma kuɗin hayar bai kai ruwan da ke hawa ba, bashin zai riƙa ƙaruwa da kimanin fam 30,000 kowace shekara. Idan kasuwa ta tashi kamfanin ya ci riba, idan ba ta tashi ba asarar tana kan ma'auratan. Kotu ta yi amfani da ikon da sashe na 91 na dokar 1925 ya ba ta, ta ba da umarnin a sayar. Kamfanin yana caca ne da kuɗin wasu.

Wannan ya kawo mu ga cikon bashi, abin da ya fi kama mutane ba shiri. Jingina abu biyu ne a haɗe: alkawarin biya, da madogara a kan gida. Sayar da gida yana kashe madogarar, alkawarin kuwa yana nan da ransa. Wanda ya ajiye wa banki makulli ya yi tafiyarsa yana ganin ya rabu da ƙaya, bai rabu ba. Ruwa na ci gaba da hawa har ranar da aka sayar, abin da bai biyu ba kuma a biyo shi da shi. A Ingila mai bin bashi yana da shekara 12 don ƙarar uwar kuɗi, shekara 6 don ruwa. Mutum yana iya sake gina rayuwarsa, shekaru su wuce, sannan wasiƙa ta iso.

A nan ƙasashe suka rabu. A Amurka kowace jiha da nata tsarin. A jihohi irin su New York da Florida sai an bi ta kotu kafin a sayar, abin da ke ɗaukar lokaci mai tsawo. A jihohi irin su California da Texas galibi ana sayarwa ba tare da kotu ba, bayan sanarwa da wa'adi. California ta haɗa saurin da wani farashi: wanda ya zaɓi sayarwa ba ta kotu ba, ya yafe cikon bashi ke nan. Mu mayar da misalinmu can. Gidan ya tafi a 66, banki ya karɓi 63, cikon 7 ɗin nan asararsa ce. Irin wannan doka tana gyara rabin matsalar da muka gani, domin tana sa banki ya damu da kowane sisi har zuwa 73, kuma tana sa ya yi tunani sau biyu kafin ya ba da rancen da ya kusa kai darajar gida. Ba ta taɓa ɗaya rabin ba, wato abin da ke sama da 73. Tana kuma da nata illa: idan gida ya faɗi ƙasa da bashi, wanda ma yake da halin biya yana iya ganin gara ya miƙa makulli, kuma masu ba da rance sukan fanshe wannan haɗari ta hanyar neman kuɗin kafin alƙalami mai yawa daga kowa. Wasu jihohin kuma suna ba mai gida damar fansa ko bayan gwanjo, na wasu watanni. Niyyar ita ce a kare shi, amma wa zai taya da kyau a kan gidan da za a iya karɓewa daga hannunsa bayan wata shida? Kariyar takan karya farashin da ake so ta ɗaga.

Mai jingina na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi a wannan tsari, kuma matsayinsa yana da ban sha'awa. Shi ma yana da ikon sayarwa, amma ba zai iya share na farko ba: ko dai ya sayar da gidan da jinginar banki a kansa, ko ya biya banki daga kuɗin kafin ya taɓa komai. Idan ya hango banki zai sayar da arha ya bar shi hannu rabbana, yana da wata hanya, ya biya banki miliyan 70 ɗinsa ya hau kujerarsa. Daga nan shi ke bin 80, shi ke riƙe da ikon zaɓar lokaci da yadda za a yi talla, kuma kowane sisi har zuwa 83 nasa ne, don haka ba zai yi sakaci ba. Wannan sai wanda ke da miliyan 70 a ajiye, kuma ya tabbata gidan zai haura 83. Idan ƙiyasinsa ya kuskure gidan ya tafi a 66, asararsa ta tashi daga 10 zuwa 17.

Shi kuma mai gida, a tsakanin ranar da ya daina biya da ranar da aka ƙulla ciniki, har yanzu gidan nasa ne, kuma yana iya sayarwa da kansa muddin kuɗin zai biya duk masu jingina ko sun amince. Gidan da mai shi ke ciki, a share, da fitilu a kunne, ya fi wanda aka garƙame aka liƙa wa takardar gwanjo tsada. A lissafinmu kowane wata na jinkiri yana ƙara ruwa a kan 70 da 10, yana cin 12 ɗin da zai iya tashi da ita. Idan ruwan basussukan biyu ya kai miliyan ɗaya a wata, shekara guda ta jayayya da jiran tsammani ta cinye ta duka, ko da farashin gidan bai motsa daga 95 ba.